Farin akwati ya ƙi barin sa hannun shugabar makaranta

Sakatariyar Makaranta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawara. Shugabar makarantarmu za ta yi tafiya ta sati uku, ga takardun shaidar kammala karatu na yara sun haura tamanin. Ta sa hannu a farar takarda, ta ce in saka a kowace ɗaya bayan ta duba jerin sunayen ta amince. Na yi sikanin, na saka hoton a Word, amma takardar da muke bugawa a kai ruwan madara ce, kuma akwai tambarin makaranta a shimfiɗe a bayan rubutun. Sa hannun yana fitowa cikin wani akwati fari-fari da ya rufe tambarin da layin da ake sa hannu a kai. Ko makaho ya shafa ya san liƙawa aka yi. Yaya zan cire farin, tawadar kaɗai ta rage?

Ɗan Kafe: Wa alaikumus salam Anti. Ai wannan minti ɗaya ne, ba sai kin bar Word ba. Danna hoton, ki shiga Picture Format, sai Color, can ƙasa za ki ga Set Transparent Color. Ki danna shi, sannan ki taɓa farin takardar. Shi ke nan. Kullum haka nake yi wa masu zuwa shago.

Sakatariyar Makaranta: Na gwada yanzu ƙanena. Wani wajen ya goge, wani wajen bai goge ba. Yanzu abin ya zama kamar an watsa gari a kan tambarin, ɗigo-ɗigo fari ko'ina, ya ma fi na ɗazu muni.

Baba Akawu: 'Yata, in na fahimce ki, sa hannun kike so ki goge daga takardar? Ki yi hattara, goge sa hannun mutum a takardar hukuma ba ƙaramin abu ba ne. A zamaninmu in an yi kuskure, sabuwar takarda ake bugawa.

Sakatariyar Makaranta: A'a Baba, ba sa hannun ba. Takardar da ke bayansa nake so in goge, shi ya tsaya shi kaɗai. Kuma ita shugabar da bakinta ta sa ni.

Baba Akawu: To madalla. Na ji yanzu. Bari masu ilimin su zo.

Mai Zane: Hajiya sannu da aiki. Abin da Ɗan Kafe ya faɗa ba ƙarya ba ne, sai dai yana aiki ne a kan hoton da bayansa launi ɗaya ne tak, kamar tambarin da aka zana a kwamfuta. Set Transparent Color launi guda ɗaya yake ɗauka, wanda kika taɓa, ya goge duk ɗigon da ya yi daidai da shi. Ita kuwa takardar da aka yi wa sikanin ba fari ɗaya ba ce. Ido ne ke ganin ta fara. In kika ƙara girman hoton sosai za ki ga wani ɗigon ya ja zuwa toka, wani zuwa rawaya, wani ya fi na kusa da shi haske kaɗan. Ɗaruruwan farare ne a cakuɗe. Kin goge guda ɗaya a cikinsu, sauran suka tsaya, shi ne garin da kike gani.

Don haka aikin hawa biyu ne, kuma mutane na farkon suke tsallakewa. Da farko sai an tilasta wa takardar ta zama fari tas, iri ɗaya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bayan nan ne ake cire farin. Kina da GIMP, manhajar gyaran hoto, a kwamfutar ofis? Kyauta ne. Kuma ki faɗa min yadda kika yi sikanin ɗin: wane irin fayil ne, dpi nawa, wato ɗigo nawa a kowane inci, da wane biro ta sa hannu.

Sakatariyar Makaranta: Akwai shi, malamin kwamfutarmu ya taɓa sakawa, na ga an rubuta 2.10. Fayil ɗin JPG ne. Na duba sikana, a 150 take. Biro shuɗi ne, irin na yau da kullum.

Mai Zane: In shugabar ba ta ɗauke takardar ba, sake sikanin ɗin tukuna, kada mu ɓata lokaci a kan wannan. Ga dalili. A ce faɗin sa hannun santimita 6 ne. A 150 zai ba ki ɗigo kusan 354 a faɗi, layin biro kuwa siriri ne, ɗigo biyu ko uku kawai zai samu, kuma rabinsu gauraye ne da farin takarda. Da kin fara gogewa layin zai tsittsinke. A 600, faɗin nan zai zama ɗigo kusan 1417, layin ya yi kauri, ya samu tsakiya mai duhu da gefe mai laushi. Ko 300 ma za ta yi aiki, amma tunda abin ƙarami ne, 600 ba za ta cika miki kwamfuta ba. Ki zaɓi sikanin mai launi, ba baƙi da fari ba, kuma in sikanar ta yarda ki ajiye a PNG ko TIFF. JPG yana matse hoto, ya bar wani datti-datti a gefen layi, wanda ba ya ganuwa sai an cire baya.

Ki goge gilashin sikanar da ƙyalle kafin ki ɗora. A 600 kowace ƙura fitowa take kamar ɗigon tawada.

Mai Firinta: Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Akwai shafuka birjik da za ki ɗora hoto, cikin daƙiƙa biyar su cire miki baya. Hotunan fasfo duk haka muke yi.

Malama Lauya: Hoton fasfo daban, sa hannun shugabar makaranta daban, Malam. Ba nata ba ne balle ta ce ta yafe. Da zarar ta ɗora shi a shafin da ba ta san masu shi ba, ba ta da ikon sanin ko sun ajiye ko sun goge. Ni ba zan ba da wannan shawarar ba, ko da aikin zai fi sauri. A yi shi a kwamfutar ofis, ba tare da ya fita ko'ina ba.

Mai Firinta: Ranki ya daɗe, ai duk takardar da aka ba yaro sa hannun na kai. Wanda ke son sata zai ɗauka daga can.

Malama Lauya: Zai sha wahala kafin ya raba shi da tambari da layi da rubutu. Wanda aka wanke tas aka cire masa baya kuwa, a shirye yake, ɗorawa kawai za a yi.

Sakatariyar Makaranta: Na sake, a 600, PNG. Na buɗe a GIMP. Ina jin ka Malam.

Mai Zane: Yawwa. Fara yanke hoton, ki bar sa hannun da ɗan fili kewaye da shi, kada ki yi aiki da shafin gaba ɗaya. Gefen shafi yakan yi inuwa, inuwar kuma za ta rikita mana lissafi. Sannan ki ɗauki Color Picker, ki riƙe Shift ki taɓa takardar a wurare uku ko huɗu nesa da juna, za ki ga wani ɗan akwati ya nuna lambobi uku, R da G da B, wato ja da kore da shuɗi. Ki turo min su. Ki taɓa tsakiyar layin tawadar ma, inda ya fi kauri.

Sakatariyar Makaranta: Takarda: 232, 228, 214. Wani wajen 236, 231, 219. Can ƙasa ta hagu 224, 220, 208. Tawada kuma 60, 70, 140.

Mai Zane: To kin gani da idonki. Fari na gaskiya a kwamfuta 255, 255, 255 ne, takardarki ko wuri ɗaya ba ta kai ba, kuma wurare ukun ba su yi daidai da juna ba. Lamba ta uku ita ce mafi ƙanƙanta a ko'ina, shi ya sa takardar ta ɗan ja zuwa rawaya.

Yanzu shiga Colors, sai Levels. A ƙarƙashin Input Levels akwai akwati a hagu mai 0, da na dama mai 255. Na dama yana nufin: daga wannan lamba zuwa sama, duk a mai da shi fari tas. Mafi ƙanƙantar lambar da kika samu a takarda 208 ce, don haka ki sauko ƙasa da ita kaɗan, ki sa 205. Na hagu kuma yana nufin daga nan zuwa ƙasa a ƙure duhu. Ki sa masa 60, lambar farko ta tawadarki. Ki danna OK, sannan ki sake taɓa takardar da Color Picker a wuraren ɗazu. In duk sun nuna 255 sau uku, hawa na farko ya kammala. In wani lungu bai kai ba, ki koma baya ki rage 205 ɗin zuwa 200.

Kada ki yi zari ki sauko da shi har 150 don kawai ki huta. Wutsiyar sa hannu, inda biro ke tashi daga takarda, tawadarta ba ta da ƙarfi, ita za ta fara ɓacewa. Kuma sau da yawa da wannan wutsiyar ake gane hannun mutum. Ki sa ido a kanta yayin da kike canza lambar.

Ɗan Kafe: Daga nan sai ta ɗauki Fuzzy Select ta taɓa farin ta danna Delete, ko ba haka ba Oga?

Mai Zane: Nan ne mafi yawa ke karkacewa. Fuzzy Select farin da ke haɗe da inda ka taɓa kawai yake kamawa. Duk inda biro ya yi zobe, kamar cikin harafin a ko o ko wani lanƙwasa da ya rufe, farin ciki zai tsaya, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Select by Color ya fi shi, don yana kama farin duk inda yake. Amma dukansu biyun matsalarsu ɗaya: yanka suke yi kamar almakashi, ko ɗigo ya tafi ko ya tsaya. Gefen layin biro kuwa ba shuɗi ba ne, ba fari ba ne, gaurayen biyun ne. In ka bar waɗannan ɗigon, za su zama wani farin rawani kewaye da kowane layi. A kan farar takarda ba za ka gan shi ba, amma a kan tambarin Hajiya zai fito fili. In kuma ka ƙara lambar Threshold don ka cinye su, gefen layin zai zama kamar haƙoran zarto.

Abin da ya dace da wannan aikin shi ne Color to Alpha. Shi ba yanka yake yi ba, tace farin yake daga cikin kowane ɗigo. Ɗigon da rabinsa tawada ne rabinsa takarda, sai ya mai da shi tawada zalla wadda ake hango rabin abin da ke bayanta. Haka gefen layin zai zauna a kan kowane launi ba tare da rawani ba.

Hajiya, shiga Layer, sai Transparency, sai Add Alpha Channel. In kin ga ya dushe ba ya dannuwa, akwai shi ke nan, wuce. Sannan Colors, Color to Alpha, ki tabbatar launin da ke akwatin fari ne, ki danna OK. Bayan hoton zai koma ƙananan murabba'ai masu ruwan toka, kamar allon dara. Wannan alama ce cewa babu komai a wurin.

Malamin Lissafi: Tambaya, Malam. Tunda shi Color to Alpha tacewa yake yi, me ya sa sai an bi ta Levels? Ba zai tace takardar kai tsaye ba?

Mai Zane: Zai tace, amma ba duka ba, kuma kai da kake malamin lissafi za ka ji daɗin dalilin. Yana duba nisan ɗigo daga fari ne, a lambar da ta fi nisa cikin ukun. Takardar Hajiya 232, 228, 214. Mafi nisa ita ce 214, tazararta da 255 kuwa 41 ce. Raba 41 da 255, ka samu kusan kashi 16 cikin ɗari. Ma'ana takardar ba za ta tafi gaba ɗaya ba, za ta bar wani siririn mayafi mai ruwan ƙasa, mai ƙarfin kashi 16. A kan allon darar nan da ƙyar ido zai kama shi. Sai an buga a firinta za a ga akwatin ya dawo, wannan karon mai duhu-duhu maimakon fari.

Haka ita ma tawadar. Lambarta mafi nisa 60 ce, tazara 195, wato kusan kashi 76. Da ba mu ja hagun Levels zuwa 60 ba, sa hannun zai fito a koɗe, ana hango layin da ke ƙarƙashinsa ta cikinsa. Da muka ja, 60 ta zama 0, tazarar ta cika 255, tsakiyar layin ya toshe gaba ɗaya. Abin da aka biya shi ne shuɗin ya ɗan ƙara duhu fiye da na ainihin biron.

Malamin Lissafi: Na gane sarai. Ke nan lambar hagu don tawada, ta dama don takarda.

Sakatariyar Makaranta: Alhamdulillahi, allon darar ya fito, sa hannun na nan shuɗi. In ajiye?

Mai Zane: Tukuna, a gwada shi. Allon dara yana ɓoye aibi. Shiga Layer, New Layer, zai ba ki sabuwar shimfiɗa, ki cika ta da ja ko kore mai ƙarfi, ki ja ta ƙasan shimfiɗar sa hannun. Ki ƙara girma ki bi layin da ido. Abu uku kike nema: farin rawani a gefe, ɗigon ƙura a fili, da wurin da layin ya tsinke. Ƙura ki share ta da Eraser, bayan kin tabbatar kina kan shimfiɗar sa hannun ba ta jan ba. In kin gama ki goge jan, kada ki manta, sannan Image, Crop to Content, zai yanke filin da ya yi saura.

Wajen ajiyewa, File, Export As, sunan ya ƙare da .png. Ba Save ba, shi fayil ɗin GIMP yake ajiyewa wanda Word ba ya buɗewa. Kuma kada ki kuskura ki sa .jpg. JPG ba shi da inda zai riƙe bayanin cewa nan babu komai, dole ya cike wurin da wani launi, duk aikin ya koma farko.

Uwar Gida Mai Turare: Ku yi haƙuri in shigo da nawa. Ni ba ni da sikana, da waya na ɗauki nawa don in riƙa sawa a rasit. Na bi bayanin nan tun daga sama a kwamfutar yarona. Gefe ɗaya na takardar 220 yake nunawa, ɗaya gefen 150. In na sa 145 a dama, rabin sunana ya tafi. In na sa 200, rabin takardar ya tsaya.

Mai Zane: Inuwa ce, Hajiya, wataƙila ta hannunki ko ta wayar. Levels lamba ɗaya yake amfani da ita ga hoton duka, ba ya sanin nan inuwa ce can haske. Mafi sauƙi ki sake ɗauka. Ki fita inda hasken rana yake amma ba a cikin ranar ba, kamar baranda ko bakin taga. Ki shimfiɗa takardar, ki kashe fitilar wayar, ki ɗan ja baya ki zuƙo da kyamara maimakon ki kusanto, don kusantowar ce ke jefa inuwa. Wayar ta kalli takardar kai tsaye, kada ta karkace. In tazarar gefe da gefe ta dawo kamar 15 ko 20, Levels zai iya da ita.

In ba halin sakewa, akwai dabara: a kwafi shimfiɗar, a dusar da kwafin da Gaussian Blur mai yawa sosai har rubutun ya narke, sannan a sa Mode ɗinsa a Divide. Yana daidaita hasken. Amma yakan koɗar da tawadar inda rubutun ya cunkushe, ni sai dole nake bin ta nan.

Ɗan Kafe: Ko ta yi amfani da manhajar sikanin ta waya, irin masu gyara takarda su yi fari fat.

Mai Zane: Suna taimakawa wajen inuwa, gaskiya ne, wannan na yarda da kai. Ta dai guji zaɓin baƙi da fari, don yana cinye siraran layuka. Ta kwatanta da takardar a hannunta kafin ta ci gaba.

Uwar Gida Mai Turare: Wani abin kuma, a littafin makarantar yara na sa hannun, mai layi-layi.

Mai Zane: Wannan kam sai sabuwar takarda. Layin littafin shuɗi, bironki shuɗi, duk abin da zai goge ɗaya zai taɓa ɗayan. Ana iya bi da Eraser a hankali, amma inda layin ya ratsa rubutun sai an yi ƙirƙira, daga nan kuma ya daina zama hannunki. Ki samu farar takardar firinta, ki ɗora ta a kan wasu takardun biyu ko uku don biro ya zauna, ki sa hannu sau biyar a wurare daban-daban, ki zaɓi wanda ya fi fita. Biro mai ruwa ya fi busasshe, don busasshen yakan bar ramuka a tsakiyar layi.

Injiniya: Ga masu yin wannan da yawa, ImageMagick, manhajar hoto da ake rubuta wa umarni, zai rage muku danne-danne. Hanya mai sauri:

```
magick sa.png -fuzz 15% -transparent white -trim +repage fita.png
```

A ƙara 15 ɗin in takarda ta yi saura. Sai dai wannan almakashin da Mai Zane ya ambata ne, yana barin rawani. Wanda na fi so shi ne a mai da duhun kowane ɗigo ya zama ƙarfinsa:

```
magick sa.png -colorspace Gray -level 25%,80% -negate -background black -alpha shape fita.png
```

Gefen yana fita da laushi. Kashi 80 ɗin nan kusan 205 ɗin Hajiya ne. Illarsa, sa hannun baƙi zai fito, shuɗin ya tafi.

Baba Akawu: To ai shuɗin shi ne magana. Mu da muka yi aikin fayil, da shuɗin biro ake bambance asali da kwafi. In ya zama baƙi kowa zai ce hoto ne.

Injiniya: Baba, ai hoton ne ko da shuɗi. Kuma in firintar ofis baƙa ce, shuɗin toka-toka zai fito, da ɗigo-ɗigo, gara a ba ta baƙi tun farko.

Baba Akawu: In firintar baƙa ce na yarda. In mai launi ce, a bar wa mutum launin bironsa.

Sakatariyar Makaranta: Tamu mai launi ce Baba, shuɗin zan bari. Na saka a Word yanzu, akwatin ya tafi, tambarin na fitowa ta tsakanin haruffan. Amma hoton ya ture rubutun, sunan shugabar ya gangara ƙasa, kuma ya ƙi hawa kan layin.

Ɗan Kafe: Wannan nawa ne. Danna hoton, Wrap Text, ki zaɓi In Front of Text. Sai ki ja shi duk inda kike so. Wajen rage girma ki kama kusurwa, kada ki kama gefe, in ba haka ba zai miƙe ko ya tsuke.

Mai Zane: Daidai. Ki kuma auna na takardar da rula, ki sa faɗin a Word ya zama haka. In santimita 6 ne a takarda, ya zama 6 a nan. In aka ƙara girma layin biron yana yin kauri kamar an rubuta da maka, in aka rage da yawa ya zama kamar gashi. Ki bari ƙasan haruffan ya ɗan taɓa layin ko ya ratsa shi, kamar yadda hannu ke yi. Sannan ki buga guda ɗaya a ainihin takardar ruwan madarar kafin ki saki tamanin, ki duba a hasken rana ko akwai inuwar akwati.

Mai Firinta: Ni abin da ke faruwa da ni, in kwastoma ya turo min irin wannan ta WhatsApp, sai in ga bayan ya dawo, wani lokacin ma baƙi ƙirin.

Injiniya: Don a matsayin hoto ya turo. Manhajar tana matse shi, bayanin babu-komai ɗin ya zube a hanya. Ka ce ya turo a matsayin Document, fayil ɗin zai iso yadda yake. Haka in ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya turo, shi ma ya lalace.

Malama Lauya: Ni kuma da za a ji tawa, kada ma a tura shi. Hajiya, fayil ɗin ya zauna a wuri ɗaya da kika sani, ba a kan fuskar kwamfutar da kowa ke zama ba. Kada ki ba kowa takardar a Word, don danna dama kawai za a yi a ajiye hoton. Ko PDF ma ana iya zaro hoto daga ciki, don haka in bugawa za a yi, a buga a miƙa takarda. Kuma ki samu amincewar shugabar a rubuce, ko da saƙon waya ne, mai cewa ga takardun da ta yarda a sa, ga adadinsu. Hoton sa hannu ba ya tabbatar da cewa mai shi ya ga takardar, wannan rubutun ne zai kare ki in wata rana an yi tambaya.

Sakatariyar Makaranta: Na gode Malama, yanzu zan tura mata ta rubuto kafin ta kama hanya. Na buga gwajin. Babu akwati, babu rawani. Abu ɗaya na lura, wutsiyar ƙarshe da ta ja zuwa sama ta ɗan fi ta takardar gajarta, kamar an datse bakinta.

Mai Zane: 205 ɗin ce ta ci ta, ko kuma Eraser ya taɓa ta wajen share ƙura. Koma kan sikanin na asali, shi ya sa ba a ajiye gyara a kansa. Ki taɓa bakin wutsiyar da Color Picker. In lambobinta duka sun haura 205, ki ɗaga lambar dama zuwa 212, ki jure ɗan dattin da zai rage a lungun hagu na ƙasa, ki share shi da hannu tunda nesa yake da rubutun. In kuma lambobin wutsiyar sun yi kusa da na takardar sosai, babu lambar da za ta raba su, sai dai ta sake sa hannu da biro mai ruwa.

Sakatariyar Makaranta: 209, 211, 222 ya nuna.

Mai Zane: To gwada 215, ki turo abin da kika gani a kan jan. Za ta fito amma a koɗe. In ta yi koɗewar da ba ki so, a Levels ɗin akwai akwatin tsakiya mai 1.00, ki rage shi zuwa 0.80 kafin ki je Color to Alpha.

Uwar Gida Mai Turare: Ni ma na sake ɗauka a baranda, yanzu 214 da 198. Wace lamba zan sa a dama?

Mai Zane: Fara da 195, Hajiya. Turo min na tawadar.